Ƙanwata za ta sake zama JAMB ranar Asabar: me ya kamata in faɗa mata?

Abubakar, Mabera:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya tsaya mini a rai. Ƙanwata, wadda ita ce autarmu, za ta zauna jarrabawar JAMB ranar Asabar mai zuwa, kuma wannan shi ne karo na biyu. Bara ta sami maki 187, alhali tana neman karatun likita a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, saboda haka ba ta sami gurbi ba, ta yi shekara guda a gida tana zuwa darasin yamma. Ni na biya kuɗin darasin da na fom, domin mahaifinmu ya rasu, ni ne babba.

Tun da aka fara shirin bana kowa a gida yake kiranta Dakta, kuma Inna ce ta fara. Da farko takan yi murmushi, amma makonni biyu ke nan na lura da zarar an faɗa sai ta tashi ta shige ɗaki. Jiya na rubuta mata saƙo, amma ban tura ba. Ga abin da na rubuta: "Auta, na san bana 300 za ki kawo mana. Duk gidan nan ke muke kallo, ke za ki share wa Inna hawaye. Kada ki ba ni kunya, Dakta." Allah Ya sani da zuciya ɗaya na rubuta, domin na yarda da ita ƙwarai, amma da na sake karantawa sai na ji kamar dutse zan ɗora mata a ka. Idan kuma na yi shiru, ina tsoron ta ɗauka cewa na fid da rai da ita tun faɗuwar bara. Me ya dace in ce mata, kuma yaushe?

Nasiru, Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam. Malam Abubakar, ni ban ga aibin saƙon nan ba. Yaran yanzu idan ba a nuna musu cewa akwai abin da ake jira daga gare su ba, sakaci suke yi. Mu yayyenmu ba su lallashe mu ba, kuma sanin cewa ana zuba mana ido ne ya sa muka dage. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ka tura mata, ta san cewa kuɗin da ka kashe ba daga ƙasa ka tsince su ba.

Malama Hadiza, Arkilla:
Abubakar, ka yi daidai da ba ka tura ba. Na daɗe ina koyar da Kemistiri a makarantar sakandare, kuma duk shekara ina shirya ɗalibai domin wannan jarrabawa, saboda haka bari in bi saƙon naka jimla bayan jimla kamar yadda ita za ta ji shi, ba kamar yadda ka nufa ba.

Ka ce 300 za ta kawo. Jarrabawar ana yin ta a kan maki 400, kuma daga 187 zuwa 300 tazarar maki 113 ce. Ita ta fi ka sanin abin da take samu a gwaje-gwajen da take yi. Idan 240 ko 250 take samu, to ka mayar da ci gaban maki hamsin ko sittin ya zama faɗuwa tun kafin ta shiga ɗakin. Za ta zauna a gaban kwamfuta da wannan adadi a ranta, kuma duk tambayar da ta gagare ta sai ta fara lissafin abin da ya rage a cikin 300 ɗin, maimakon ta wuce zuwa ta gaba. Na sha ganin haka a ɗalibaina. Tambayoyi 180 ne a cikin awa biyu, 60 na Turanci da 40 a kowane ɗaya daga sauran darussa uku, wato daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya idan aka raba daidai. Ɗalibar da take lissafin Fiziks tana buƙatar ta riƙe lambobi biyu ko uku a ka a lokaci ɗaya, kuma damuwa wurin nan take cinyewa. Shi ya sa za ka ji yaro ya fito yana cewa ya san amsar amma kansa ya ɗauke.

Ka ce duk gida ita ake kallo, kuma ita za ta share wa Inna hawaye. Wannan ya fi na farko nauyi, domin ka haɗa jarrabawar awa biyu da maraicin gidanku. Yarinya ba za ta iya yin komai a kan wannan a ɗakin jarrabawa ba, sai dai ta ɗauke shi ta shiga da shi.

Sai "kada ki ba ni kunya". A nan abin da za ta ji shi ne cewa bara ta ba ka kunya, kuma matsayinta a wurinka yana rataye da sakamakon bana.

Ga abin da nake gani ya fi. Kada ka yi magana a kan abin da zai fito, domin ba ya hannunka kuma ba dukansa ne a hannunta ba. Ka yi magana a kan abin da ka gani da idonka a cikin shekarar nan. Saboda haka ina tambayarka: me ka ga ta yi, takamaimai? Wane darasi ne ya fi ba ta wahala bara, kuma ina take a cikinsa yanzu?

Abubakar, Mabera:
Na gode, Malama. Kemistiri da Fiziks ne suka kayar da ita bara. Ta ce a Fiziks lokaci ne ya ƙure mata, domin ta tsaya a kan tambayoyin lissafi na farko har ta bar kusan goma sha biyar ba ta ko karanta ba. A bana tana da wani littafi da take rubuta abin da ta ci duk lokacin da ta gwada tambayoyin shekarun baya a wayata. Na duba shi da dare. A watan Nuwamba tana cin 17 ko 18 cikin 40 a Kemistiri, a makon jiya kuma ta ci 29 sau biyu, sau ɗaya 31. Fiziks tana tsakanin 22 da 25. Bayoloji da ma ba ya ba ta wahala. Sannan na san ba ta komawa barci bayan sallar asuba, kuma ko da azumi ba ta fasa zuwa darasi ba.

Malama Hadiza, Arkilla:
To ai saƙonka yana cikin wannan littafin. Idan ka ce mata "na yarda da ke", za ta iya cewa a ranta ai Yaya ne, dole ya faɗi haka. Amma idan ka ce mata ka ga Kemistiri ya tashi daga 17 zuwa 29, ba ta da abin da za ta musa, domin da hannunta ta rubuta. Mai fargaba yakan manta da abin da ya iya, ya riƙa ganin abin da bai karanta ba kaɗai. Aikinka shi ne ka tuna mata da shaidar da take da ita.

Da ni ce kai, ga kusan abin da zan ce, kuma ka juya shi zuwa irin maganar da kuka saba: "Auta, na ga littafinki. Kemistirin da ya wahalar da ke bara kin ɗaga shi daga 17 zuwa 29, kuma na san asubar da kika yi kafin haka ta samu. Kin yi naki. Ranar Asabar ki yi abin da kika saba yi a gida: tambayar da ta tsaya miki ki wuce ta, ki dawo mata daga baya. Ni zan kai ki, kuma ina waje har ki fito. Duk abin da ya fito, tare za mu duba shi, kuma babu abin da zai canja tsakanina da ke."

Ka lura babu adadin da ake jira a ciki, babu likita, babu Inna, babu kuɗi. Akwai abin da ta yi, akwai abu guda da yake hannunta a ranar, wanda kuma shi ne ainihin abin da ya kayar da ita bara, sannan akwai abin da kai za ka yi. Shawarar kada ta wuce ɗaya. Idan ka jero mata biyar, ka koma malamin darasi, kuma tana da su.

Umar, Gidan Igwai:
Shawarata ita ce ta mayar da hankali a kan tambayoyin shekarun baya, musamman na Turanci, domin shi ne mai tambayoyi 60. Kuma ta tabbatar ta karanta littafin labarin da aka sa musu bana. Sannan ta saba da madannan kwamfuta: A, B, C da D na zaɓen amsa, N na zuwa tambaya ta gaba, P na komawa baya. Kada ta bar tambaya babu amsa, tunda ba a rage maki idan an yi kuskure. Idan kana so, Malam Abubakar, ina da tarin tambayoyi da zan iya turo maka yau ta yi su kafin Asabar.

Abubakar, Mabera:
Na gode, Umar. Ta riga ta san waɗannan tun bara, kuma ta yi jarrabawar gwaji bana. Tambayata a kan abin da zan faɗa mata ne a matsayina na yayanta.

Malama Hadiza, Arkilla:
Abin da Umar ya faɗa a kan madannai da rashin rage maki daidai ne. Amma kada ka kai mata sababbin tambayoyi saura kwana uku. Idan ta ci karo da biyar da ba ta sani ba a jere, su za ta kwana da su, kuma kai da ka kawo za ta ɗauka kana ganin ba ta shirya ba.

Zainab, Gawon Nama:
Yaya Abubakar, ina so in faɗa maka yadda abin yake daga ɓangaren wadda ake yi wa magana, domin ni sau uku na zauna wannan jarrabawa. A gidanmu Barista ake kirana tun ina aji huɗu na sakandare. Mutane suna ganin gata ne, amma ni duk lokacin da aka faɗa sai in ji kamar an ba ni bashin da ban san yadda zan biya ba. A karo na biyu, daren jarrabawa, 'yan uwa suka yi ta kira ɗaya bayan ɗaya, kowa da addu'arsa da "mun san ba za ki ba mu kunya ba". Ban yi barci ba sai wajen ƙarfe uku. Da safe na karanta tambayar farko sau huɗu ban gane abin da take nufi ba.

A karo na uku yayata ce ta canja abin. Ta karɓi wayata tun bayan la'asar, ta ce duk mai kira ita za ta amsa masa. Ta goge mini hijabi, ta ajiye takardar shiga a kan sallayata, muka ci tuwo muna hirar bikin wata ƙawarta. Da za mu kwanta abin da ta ce kawai shi ne: "Kin yi karatu, na gani. Ki kwanta, ni zan tashe ki." Wannan "ni zan tashe ki" ita ce ta sa na yi barci, domin rabin fargabata ta makara ce. Yanzu ina aji uku a jami'a, kodayake ba shari'a nake karantawa ba.

Abin da nake so ka gane shi ne, yadda ta daina murmushi idan an ce Dakta alama ce babba. Ka duba kuma ko tana cin abinci kamar da, ko ta daɗe a shafi ɗaya ba ta juya ba, ko amsarta ta koma "to" kawai. Ni haka na yi, kuma a gida aka ɗauka natsuwa ce.

Nasiru, Runjin Sambo:
Na ji bayananku, amma har yanzu ina da ja. Idan ka ce wa yarinya duk abin da ya fito babu komai, ba ka buɗe mata ƙofar sakaci ba? Kuma ba gaskiya ba ne cewa babu komai. Akwai komai mana. Shekara guda ta tafi, kuɗi sun tafi, kuma idan ba ta samu ba bana, a cikin dangi za a fara maganar aure. Ita ma ta san haka. Idan Abubakar ya yi kamar babu wannan, za ta gane lallashi ne kawai.

Malama Hadiza, Arkilla:
Malam Nasiru, a rabin maganarka ina tare da kai. Ƙarya ba ta kwantar da hankalin ɗalibi, kuma "babu komai" ƙarya ce a nan. Shi ya sa ban sa ta a saƙon ba. Abin da na sa shi ne cewa tare za su duba sakamakon, kuma matsayinta a wurinsa ba zai canja ba. Wannan alkawari ne da yake da ikon cikawa.

Inda muka rabu shi ne lokaci, da kuma wadda ake yi wa maganar. Matsi yana da amfani a watan Nuwamba ga yaron da yake yawo da waya bai buɗe littafi ba, domin a lokacin akwai abin da zai iya canjawa. Ni ma ina yi. Amma yarinyar da ba ta komawa barci bayan asuba, saura kwana uku, me matsin zai ƙara mata? Ba zai koya mata abin da ba ta koya a wata biyar ba. Abin da zai iya yi kawai shi ne ya hana ta barci. Karin maganar da ka kawo da kanta ta ce tun yana ɗanye. Wannan icen an gama tanƙwara shi, yanzu a bar shi kada ya karye.

Malam Shehu, Kanwuri:
Ina so in ƙara wani abu ta fuskar addu'a, domin a nan ma ana iya ɗora wa yaro nauyi ba a sani ba. Wasu iyaye sukan ce wa yaro an yi masa saukar Alƙur'ani, an yi sadaka, saboda haka cin jarrabawa ya zama dole. Idan bai ci ba, sai ya fara tuhumar kansa ko wani laifi ya yi wa Allah, kuma na ga yaran da wannan ya taɓa musu zuciya ƙwarai. Addu'a roƙo ce, ba sharaɗi ba ce. Ka roƙa mata sauƙi da buɗin ƙirji da abin da ya fi alheri. Addu'ar Annabi Musa da take cikin suratu Ɗaha, "Rabbish rah li sadri, wa yassir li amri", gajeriya ce, kuma na tabbata ta haddace ta tun tana Islamiyya. Ta karanta ta idan ta zauna, kafin ta taɓa komai.

Kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙuma ya ɗaure ta sannan ya dogara ga Allah. Abin da za ka nuna wa ƙanwarka shi ne ta riga ta ɗaure tata. Wannan littafin da take rubuta makinta shi ne igiyar.

Maman Halifa, Minanata:
Ni abin da ya dame ni a maganar nan shi ne Inna. Kun mayar da hankali a kan saƙon Abubakar, alhali sunan Dakta daga bakin uwa yake fitowa, kuma maganar uwa ta fi ta wa nauyi. Amma kuma ta yaya ɗa zai ce wa mahaifiyarsa ta daina? Baiwar Allah da mijinta ya rasu, wannan sunan shi ne abin da take faranta wa kanta rai da shi, kuma a wurinta fatan alheri ne take yi da bakinta. Ni uwa ce, na san idan ɗana ya ce mini maganata tana cutar da ƙanwarsa, zan ji zafi. Ina ganin a bar Inna, kwana uku ne suka rage.

Zainab, Gawon Nama:
Mama, ki yi haƙuri, amma kwana ukun nan su ne suka fi kowanne nauyi. Ba sai ya ce mata tana cutar da ita ba. Yana iya cewa: "Inna, Auta tana cikin fargaba, ki sa mata albarka kawai, ki ce Allah Ya ba ta abin da ya fi alheri." Uwa ba za ta ji haushin a nemi albarkarta ba. Da mahaifiyata ta ce mini ko na ci ko ban ci ba ta yafe mini kuma tana alfahari da ni, da na shiga ɗakin nan da rabin nauyin da na shiga da shi.

Maman Halifa, Minanata:
Idan ta wannan hanya ce, to da sauƙi. Sai dai ya zaɓi lokacin da suke su biyu, kuma kada Auta ta san an yi maganar, domin idan ta sani za ta ji kamar ta kai ƙarar uwarta. Duk da haka ban tabbata Inna za ta iya riƙe bakinta da safen ba. Abin da aka saba faɗa wata shida ba ya barin harshe a kwana biyu.

Abubakar, Mabera:
Zan gwada yi wa Inna magana yau bayan isha'i. Akwai sauran abu biyu. Na farko, a gidanmu ba mu saba irin wannan magana baki da baki ba. Tsakanina da Auta shekara goma sha huɗu ne, tana jin nauyina, ko ido ba ta haɗawa da ni. Idan na zaunar da ita na fara cewa babu abin da zai canja tsakaninmu, ina jin za ta ɗauka wani abu ya faru. Na biyu, na riga na bincika, kuma na san idan makin bai kai na likita ba ana iya canja fanni ko makaranta bayan sakamako ya fito, akwai fannoni da dama na lafiya da na kimiyya, ga kuma Jami'ar Jihar Sakkwato. In faɗa mata yanzu domin ta san akwai wata hanya, ko in bari?

Malama Hadiza, Arkilla:
A kan na farko, kada ka zaunar da ita. Zaman da aka kira mutum musamman shi kansa yana nuna cewa al'amarin ya girma. Ka tura a rubuce ranar Alhamis ko safiyar Juma'a, domin ta karanta ita kaɗai ba tare da ta nemi fuskar da za ta nuna maka ba, kuma ta iya sake karantawa idan fargaba ta taso. Kada ka jira amsa, kada kuma ka tambaye ta ko ta gani. Daren Juma'a kuwa babu sauran maganar jarrabawa, sai abin da ya shafi tafiya.

A nan ne nake ganin wa irinka ya fi iya nuna yarda, domin da aiki ake yi. Ka buga takardar shiga kwafi biyu. Ka je ka ga cibiyar da idonka kafin ranar, ka san minti nawa ne daga Mabera, kada da safe ku tsaya neman kabu-kabu ko tambayar hanya. Ka duba lokacin da aka rubuta mata a takardar, ku isa kafinsa, domin akwai layin tantancewa da zanen yatsa. Idan tana da niyyar ƙunshi, ta bari sai bayan jarrabawa, saboda lalle a kan yatsu yana iya ba na'urar wahala. Waya da agogo da jaka duk a hannunka za su zauna, tunda ba a shiga da su. Kuma kun san zafin Sakkwato a wannan lokaci, ta karya da abu mara nauyi, ka riƙe mata ruwa. Kowane ɗaya daga waɗannan damuwa ce guda da ka cire mata.

A kan na biyu, ra'ayina shi ne kada ka ambaci canja fanni yanzu. Duk yadda ka tausasa shi, abin da za ta ji shi ne Yaya ya riga ya shirya wa faɗuwata. "Tare za mu duba" ta wadatar, domin tana nuna akwai gobe ba tare da ta zana ta ba.

Zainab, Gawon Nama:
Malama, a nan kam ban yarda da ke gaba ɗaya ba. Ni abin da ya fi firgita ni shi ne tunanin cewa hanya ɗaya ce tak, idan ta toshe sai wata shekarar a gida. Da wani ya ce mini akwai wasu ƙofofi, da na sami sauƙi. Ina jin ya danganta da abin da take tsoro. Idan rasa likitanci take tsoro, maganarki daidai ce. Idan kuma sake zaman gida take tsoro, da maganar auren da Malam Nasiru ya ambata, to sanin cewa Yaya ba zai bari karatunta ya tsaya ba shi ne babban abin da take buƙatar ji.

Malama Hadiza, Arkilla:
Wannan bambancin da kika kawo gaskiya ne, kuma Abubakar ne kaɗai a cikinmu zai iya sanin wanne ne. Idan na biyun ne, yana iya cewa karatunta ba zai tsaya ba muddin yana da rai da hali, ba tare da ya ambaci sunan wani fanni ba. Amma jero mata fannoni kafin Asabar, har yanzu ban goyi baya ba.

Abu na ƙarshe daga gare ni shi ne lokacin da ta fito. Yawancin 'yan uwa suna kiyaye bakinsu kafin jarrabawa, sannan su ɓata komai a bakin ƙofa da "yaya, nawa kike ganin za ki ci?" Ka miƙa mata ruwa, ka ce sannu da ƙoƙari, ka bar ta ta fara magana. Idan ta ce Fiziks ya yi wuya, kada ka ce ai za ki ci, kada kuma ka tambayi guda nawa ta bari. Sakamakon da lambar wayar da ta yi rajista da ita ake dubawa, saboda haka ka bar ta ta fara gani, ta kawo maka da kanta.

Nasiru, Runjin Sambo:
Na karɓi maganar lokaci, cewa kwana uku ba lokacin matsi ba ne. Amma ina nan a kan cewa bayan komai ya lafa, ya kamata ta san abin da yayanta ya sadaukar. Ba gori ba ne, tarbiyya ce. Allah Ya ba ta sa'a.

Abubakar, Mabera:
Amin, na gode muku duka. Na yi wa Inna magana daren jiya kamar yadda Zainab ta tsara. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce ita ba ta san abin yana damun yarinyar ba. Da safen nan na ji ta kira ta da sunanta na yanka, kodayake da rana Dakta ta sake kuɓuce mata sau ɗaya.

Saƙon kuma na tura ɗazu. Na yi amfani da na Malama, na rage shi, na cire jimlar ƙarshe domin ba irin maganata ba ce, na sa wannan a madadinta: "Karatunki ba zai tsaya ba in Allah Ya yarda, wannan nawa ne, ba naki ba." Ban ambaci wani fanni ba. Ina jin zaman gidan ne ya fi damunta, amma ban tabbata ba. Ba ta amsa ba, kuma ban tambaye ta ba. Da la'asar ta zo ta tsaya a bakin ƙofar ɗakina ta ce, "Yaya, ƙarfe nawa za mu fita ranar Asabar?" Na ce mata shida saura kwata, tunda 6:30 aka rubuta a takardarta, kuma gobe bayan sallar Juma'a zan je in ga cibiyar.